Tsakanin 1960 da 1972

Takardar Balkisu shafi huɗu ce, kuma duk wanda ya riƙe ta sai ya juya ta sau biyu kafin ya mayar. Shekaru da jan biro, sunayen mutane da baƙi, kowane babi an ja masa layi da rula. Mako uku ta yi tana tace littafinta na tarihin Kamaru mai shafi 200 har ya koma haka. Saura kwana 12 a zauna jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare, kuma 'yan ajinsu 14 sun riga sun kai takardar shagon fotokofi na bakin titin Yelwa, dala biyar, wato sefa 25, kowane shafi.

Daren nan wuta ta ɗauke. Zafin Garwa na watan Mayu ya koro kowa tsakar gida, Balkisu ta shimfiɗa tabarma gindin dalbejiya kusa da gadon Iya, ta kunna fitilar waya tana bita da ƙarfi, tana karantawa da Faransanci tana juya wa kanta da Hausa don ya zauna.

"1884, Jamus ta ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala. 1916, an kori Jamusawa, na Mora ne suka miƙa wuya a ƙarshe. 1946, riƙon amana na Majalisar Ɗinkin Duniya. 1 ga Janairu 1960, 'yancin kai, Ahmadu Ahijo. 20 ga Mayu 1972, ƙuri'ar raba gardama, an soke tarayya, ƙasa ta zama ɗaya."

Iya tana fifita da mafici, idonta a rufe. Balkisu ta ɗauka barci take.

"Tarayyar wa da wa aka soke?"

"Na'am, Iya?"

"Kin ce an soke tarayya. Ai mutum ba ya tarayya shi kaɗai. Da wa aka yi ta?"

Balkisu ta buɗe baki, amsa ba ta fito ba. Ta kai fitila kan shafi na uku. Layin 1960 yana nan, layin 1972 yana ƙarƙashinsa, sun manne da juna kamar ba a taɓa yin wata rana a tsakaninsu ba. Ta juya bayan takardar. Fari fat. Ta shiga ɗaki a guje ta lalubo babban littafin a jaka, ta dinga buɗawa har ta iso wurin. Darasin 'yancin kai ya ƙare a tsakiyar shafi, kwanan wata 19 ga Janairu. Layi ɗaya ta tsallake, sai sabon darasi da kyakkyawan rubutunta, 2 ga Fabrairu.

Nan ta tuna. Makonni biyun da aka yi wa Mama aikin haihuwar Sadiku, ita ce ta kwana asibiti, ita ce ke kai kunu da ruwan zafi. Ranar da ta koma makaranta ta ce za ta ari littafin Hauwa ta kwafa. Da malam ya fara rubutu a allo, ta ga shafin da saura, ba ta son ɓarnar takarda, sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Da ta bar gurbi, da gurbin ya yi ta kiranta. Cikinta ya ɗuri ruwa.

"Iya, babi guda ne babu. Ɗungurungum."

"To zauna. Kuka ba ya rubutu." Iya ta gyara kwanciya. "Ni ban san shekarunku na boko ba, amma na san ina da shekara tara a Mubi, ranar da innata ta yafa mayafi ta bi layin mata. Ba su taɓa jefa ƙuri'a ba sai ran nan. Ana ta tambaya, Najeriya ko Kamaru. Baffanmu yana son Kamaru don shanunsa na wannan gefen, babanmu yana son Sardauna. Wata biyu ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba."

"Mubi ai Najeriya ce, Iya."

"Yanzu ne. Da can Kamarun Ingila ake ce mana. Da aka kawo ni Garwa aure, tutar da na tarar tauraro biyu ne da ita, ki tambayi malaminku."

Balkisu ba ta yi barcin kirki ba. Da asuba, kafin ta ɗora ruwan koko, ta ƙwanƙwasa ƙofar su Hauwa. Littafin Hauwa duk goge-goge ne da zanen furanni a gefe, amma shafuka tara na darasin suna nan cif. Ta zauna a dakalin ƙofar gida tana karantawa, hannunta na rawa. Bayan korar Jamus, Faransa ta ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙasar, Ingila ta ɗauki ragowar, zirin ƙasa a bakin iyakar Najeriya, ta raba shi Arewa da Kudu. Ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar. Arewa, wajen su Mubi da Dikwa, ta zaɓi Najeriya da kusan kashi 60 cikin 100. Kudu, wajen su Buya da Bamenda, ta zaɓi Kamaru da kusan kashi 70. A watan Yuli aka yi taron Fumban, ranar 1 ga Oktoba 1961 aka kafa tarayya, Ahijo shugaba, Fonca mataimaki.

11 ga Fabrairu. Kowace shekara tana maci ranar, cikin rigar makaranta, a bikin matasa.

"Ke ba ki lura babu shi a takardata ba?" ta tambayi Hauwa.

Hauwa ta sunkuyar da kai. "Na gani. Na ɗauka kin cire shi ne don ba zai fito ba. Ke ce fa Balkisu. Ni ma sai na daina karanta shi."

Wannan maganar ta fi komai yi mata ciwo. Ta karɓi jerin darussan da malam ya raba tun farkon shekara, wanda nata ya daɗe a ƙasan jaka, ta aza shi gefen takardarta tana bi da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Sauran duk suna nan. Wannan kaɗai ne.

A aji, kafin malamin lissafi ya shigo, ta tashi ta tsaya gaban allo. Muryarta ta ɗan sarƙe.

"Duk wanda ya yi fotokofin takardata, akwai babin da babu. Kamarun Ingila da haɗewar 1961. Ban zo ba lokacin, kuma ban duba ba. Laifina ne. Gobe zan kawo shafi na biyar, ni zan biya."

Wani daga baya ya ce a mayar masa da dala ashirin ɗinsa, aka yi dariya. Usmanu kuwa bai yi ba, ya zaro kofinsa yana kallon wurin, sannan ya rubuta 1961 da fensir a ɗan tsagin da ke tsakanin layukan biyu.

Da daddare ta sake shimfiɗa tabarma. Ta ajiye rula gefe, don lokaci ya ƙure. Shafi na biyar ya fito da karkatattun layuka, jan biron ma ya ƙafe a tsakiya ta ƙarasa da shuɗi. Kuɗin fotokofi 14 ta ƙirga daga asusunta na Sallah, dala saba'in, ta ƙulle a bakin gyale.

"Karanto mini," in ji Iya.

Ta karanta tun daga rabon ƙasar har zuwa Fumban. Iya ta saurara har ƙarshe, mafici a ƙirji.

"Ba ki sa layin mata ba."

"Ba zai fito a jarrabawa ba, Iya."

"Sa shi dai."

Balkisu ta duba ƙasan shafin. Saura wurin layi ɗaya. Ta matso da fitila, ta cire murfin biron.