Mai Jan Zare da Mai Baƙin Zare

Gumin da na gani a goshin Hajiya Kaka shi ya fara tayar min da hankali. Tsakiyar hunturu ne, sanyin Zariya har cikin ƙashi, amma ga ta zaune a kan dadduma bayan isha'i, ta jiƙe sharkaf, carbi na rawa a hannunta.

"Kishiya, lafiya?" na ce mata, don wasan da muke yi ke nan.

Ba ta rama ba. Sai ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ni.

Na ƙwala wa Umma kira. Ta ɗauko na'urar gwajin suga, ta huda mata yatsa: 52. Likita ya taɓa gaya mana in ya gaza 70 akwai matsala. Da yake tana iya haɗiya, Umma ta dama suga cokali huɗu a ruwa ta ba ta, Baba ya tayar da mota.

A asibiti nas ta ce a nuna mata abin da ta sha. Hajiya ta kwance bakin zanenta, sai ga ledoji biyu iri ɗaya, rubutun biron da ke jikinsu ya goge. Ɗaya gilibenkilamid ne na ciwon suga, da safe take shan sa da kumallo. Ɗayan amlodifin ne na hawan jini, na dare. Dukansu farare, ƙanana. Ashe na suga ta maimaita, ga shi tuwon dare loma uku kawai ta yi. Aka kwantar da ita har washegari, domin nas ta ce wannan maganin yana daɗewa a jiki, sugan na iya sake faɗuwa.

Da muka dawo gida Baba ya samo robobi biyu masu murfi, ya rubuta SAFE da DARE da manyan baƙaƙe, yana jin ya gama aiki. Hajiya ta juya su ta ce, "Ɗan nan, yaushe na shiga boko?"

Kawu ya rubuta mata da ajami. Ta karanta da rana tsaf, amma da dare yanar ido ba ta bari. Sai ita da kanta ta ce a miƙo mata kwandon saƙarta. Ta ɗaura jan zare ƙulli ɗaya a robar safe, baƙin zare ƙulli uku a ta dare, yadda ko an ɗauke wuta yatsunta za su gane. Umma ta liƙa sunan kowane magani da awonsa a gindin robar, saboda ranar komawa asibiti. Ta safe tana zaune kusa da fulas ɗin koko, ta dare a ƙarƙashin matashi.

Ni aka ɗora wa ƙirga ƙwayoyin duk Juma'a. Jiya ina ƙirgawa ta harare ni.

"Ƙirga da kyau, kishiya. Na san so kike in tafi ki gaje min gado."