Saƙo zuwa ga Hauwa'u

Assalamu alaikum, Malama Hauwa'u.

Da fatan kina lafiya, ke da su Mama da kowa na gida. Kafin ki ce wane ne kuma wannan, Bashir ne, ɗan ajinku a sashen nazarin ƙasa, Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Dogon nan mai zama a baya, wanda kullum jarrabawa ta matso sai ya tare ki a ƙofar ɗakin karatu na Kashim Ibrahim yana roƙon aron littafinki.

Jiya da daddare Facebook ya kawo mini hotonki cikin mutanen da wai wataƙila na sani. Na ce wataƙila kuma? Ai ko cikin taron idi zan gane wannan murmushin. Gilashi kawai aka ƙara, kuma ya karɓe ki, in dai ba laifi a faɗa.

Kin tuna ranar da aka kai mu Dutsen Kufena? Mu maza muna ta cika baki a gindin dutse, kafin mu ankara kin riga kowa kaiwa sama, da hijabinki da jakar ruwa, kina leƙo mu kina dariya. Har yau in muka haɗu da Sani sai mun yi zancen. Sai yajin aikin malaman jami'a na 2013 ya watsa mu kusan wata shida, muka dawo kowa na fama da aikin kammala karatu, aka rabu ba ko sallamar kirki.

Ni dai bayan bautar ƙasa na dawo Kano, ina Kantin Kwari tare da kawuna, muna sayar da atamfa da shadda. Digirin yana cikin akwati, yana gaishe ki.

Ke fa? Na ga hotunanki kuna dashen itatuwa da 'yan makaranta a wajen Dutse. Aikin gwamnati ne ko na ƙungiya? Wane iri ne ke jure ƙasar can, darbejiya ko har da dabino? Kuma har yanzu kina zana taswira da hannu kamar an buga a inji? Ina son jin labarin duka, ba a taƙaice ba.

Akwai tambaya guda da nake ta kewayawa. In akwai maigida, ki miƙa masa gaisuwata da girmamawa, ni kuma in tsaya a zumuncin 'yan aji, ya wadatar. In kuwa babu, to ranki ya daɗe, Kano da Dutse ba nisa, kuma ɗan Kwari ba ya zuwa gaisuwa hannu rabbana. Launin da kike so kawai za ki faɗa, ko da yake ina zargin har yanzu ruwan toka ne.

Ki amsa lokacin da kika samu sarari, ba gaggawa. Amma ki sani yau wayata ba za ta huta da dubawa ba.

Ki gaida gida.

Bashir