Daƙiƙa Biyu da Ɗigo Huɗu

Layi ɗaya ne ya rage wa Kabiru cikin layi 612, kuma yau kwanansa uku a kansa.

Aikin na fim ne mai minti 48, tarihin wani attajirin Kurmi da ya rasu shekaru da dama, Alhaji Ɗanladi mai masaukin fatake. Jikarsa Safiya ce ta ɗauki nauyi. A Ingila aka haife ta, Hausarta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba, saboda haka take son a sa fassarar Turanci a ƙasan hoto don ta ji abin da mutane suka faɗa game da kakan nata. Kabiru ya gama da tsofaffin dillalai, ya gama da limamin unguwa, ya gama da wani Buzu ɗan Agadas da ya yi kuka yana ba da labarin yadda Alhaji ya riƙe mahaifinsa wata bakwai bai karɓi ko kwabo ba. Duk waɗannan sun tafi sumul. Sai a minti na 31, inda aka tambayi uwargidan marigayin, Hajiya Yalwa, wane irin mutum ne mijinta. Ta gyara mayafi, ta yi 'yar dariya, ta ce, "Alhaji ai inuwar giginya ne." Ba ta ƙara komai ba, hoton ya koma kan ƙofar soro.

A ɗakin tace fina-finai da ke Titin Gidan Zoo, Kabiru ya sake mayar da wurin baya. Daga buɗe bakinta zuwa yanke hoton daƙiƙa 2.4 ne. Ƙa'idar da yake aiki da ita ba ta da sassauci: layi kada ya wuce harafi 42, kada a jera fiye da layi biyu, kuma kada a ɗora wa idon mai kallo fiye da harafi 17 a daƙiƙa. In ka ninka, harafi 40 ke hannunsa, har da giɓin da ke tsakanin kalmomi. A littafi da sai ya sa bayani a ƙasan shafi ya huta. Fim ba shi da ƙasan shafi.

"Kai fa ka cika tsanani," in ji Auwalu mai tace hoton, yana kaɗa shayi. "Ka rubuta cewa mutum ne mai karamci. Ba ga dariya tana yi ba?"

"Dariyar ce ta hana ni barci. Ƙarasa karin maganar mu ji."

"Inuwar giginya, na nesa ka sha." Auwalu ya ajiye cokalin. "Au. To."

Yaron da ya fara rubuta maganganun kafin a kawo wa Kabiru shi ma ya ƙarasa ta da kansa a gefen takarda, ya kuma yi mata fassarar da ta sa Kabiru riƙe kai. Ya ɗauka "ka" ɗin nan na umarni ne, wai ana ce wa wani ya sha wani abu daga nesa. Alhali tsohon "ka" ne da ya maƙale a karin magana da bakin Sakkwatawa, ma'anarsa "shi ne ke sha". Ga kuma "sha" ɗin kansa. Bahaushe yana shan inuwa kamar yadda yake shan iska da rana da wahala, Bature kuwa ba ya sha sai abin da zai bi ta maƙogwaro. Wannan ƙaramar matsala ce, ana kewaye ta kullum.

Babbar ita ce bishiyar. Turanci yana da kalma ɗaya da ke rufe dabino da kwakwa da goruba da giginya gaba ɗaya, kuma da zarar mai karatu a Ingila ya gan ta kusa da kalmar inuwa, abin da zai zo masa shi ne bakin teku da kujerar hutu. Yabo zalla ke nan. Kabiru ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, waɗanda ya gada daga malaminsa na Jami'ar Bayero. Sunan da ya samu aro ne daga Larabci, wanda Baturen kan titi bai taɓa ji ba. Daidai ne, amma ba zai nuna wa Safiya doguwar bishiya mai ƙullin ciki a tsakiya ba, wadda ba ta da reshe ko ɗaya sai tulin ganye can a ƙololuwa.

Ya gwada karin maganar Turawa da ke cewa 'ya'yan baduku ne ke yawo ba takalmi. Ta kusa shiga harafi 40, ya ji daɗi na kamar minti goma, sannan ya goge. Waccan tana maganar mai sana'ar da aiki ya sha masa kai ne, akwai uzuri a cikinta. Kuma sanya wa Hajiya kalmar baduku a baki alhali attajiri take nufi, wannan ko a lahira ba za ta yafe ba. Ya gwada faɗin ma'anar tsirara: yana kyautata wa baƙi, yana mantawa da gida. Ita ma ya goge. Tsohuwa ta rufe maganarta da mayafi a gaban kyamara, shi wane ne da zai yaye?

Da dare yana cin tuwo yana ta nanata rabin maganar a hankali. Matarsa Binta, wadda ta yi mako guda tana jiran ya karanta mata takardar da ke cikin kwalin maganin ƙaramar 'yarsu, ta ce, "Na nesa ka sha," ba tare da ta ɗago daga ninkin kayan da take yi ba. Ya dube ta. Ta ce, "A ƙaro miya, Baban Ummi?"

Washegari bayan azahar ya hau adaidaita sahu zuwa cikin gari, ya sauka wajen Jakara, ya ƙarasa da ƙafa ta lungunan bayan Kurmi. Doka ce a wurinsa kada ya koma wa wanda aka yi hira da shi, don mutum in ya ji maganarsa a karo na biyu yakan so ya gyara ta. Wannan karon ya karya.

Aka yi masa iso. Hajiya Yalwa tana zaune a kan tabarma a tsohon ɗakin ƙasa, carbi a hannu, rediyo a gefe. Ya durƙusa.

"Barka da yamma, Hajiya. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Kai ne mai mayar da maganata ta Nasara?"

"Ni ne, Hajiya. Wuri ɗaya ne ya gagare ni."

"Na san wurin."

Ta sa aka kawo masa ruwa, ta bar shi ya sha tukuna.

"Ka taɓa zama a gindin giginya?"

"A hoto na fi saninta, sai muruci da muke saya muna yara."

"To, 'yan birni. A garinmu akwai ta a bakin gonar babana. Da rana tsaka inuwar tana gindinta, amma 'yar kaɗan ce, kuma ba mai hankalin da zai zauna lokacin 'ya'ya, don in ɗaya ya faɗo maka a ka sai an ɗauke ka. Da rana ta karkata sai inuwar ta tashi. Ai ka san da inuwa ake gane la'asar, in ta kai tsawon abin da ya yi ta. To dubi tsawon giginya. Kafin a kira salla ta tsallake shinge tana gonar maƙwabci. Mu ke share gindinta, su ke shimfiɗa tabarma."

Kabiru ya ciro biro, ta ɗaga masa hannu ya mayar.

"A gidan nan na dafa wa mutum talatin a dare ɗaya. Buzaye, Barebari, mutanen Gwanja. A fitar da akushi a kai soro, nama duk a sama, ni da yara mu kankare tukunya. Shekarar da babban ɗana, uban ita Safiyar, ya ci jarrabawa, Alhaji ya ce babu kuɗin littafi. A makon nan ya biya wa wani baƙo bashin raƙuma biyu. Yaron bai manta ba. Ka ga inda ya je ya zauna."

"Ke nan ƙorafi ne, Hajiya."

"Wa ya ce maka?" Ta nuna sama da carbin. "Ɗaga kanka."

Ya ɗaga. Rufin ɗakin azara ce, an jera ta layi-layi, ta yi baƙi ƙirin saboda tsufa da hayaƙi, ana ganin zaren itacen kamar an tsefe shi. Babu hujin gara ko ɗaya.

"Wannan mece ce?"

"Azara."

"Da me ake yin ta?"

Bai amsa ba.

"Sai an sare ta an tsaga take rufa wa na gida. Tun da ya rasu ban sayi gero ba. Kowace kaka sai buhu ya zo daga 'ya'yan mutanen da na dafa wa, wasu ban san fuskarsu ba. Har dabino daga Agadas. To faɗa mini, ɗan boko, ƙorafi na yi ko yabo?"

"Ban sani ba, Hajiya."

"Ni ma shekara nawa ina juya ta. Shi ya sa na faɗi rabi." Ta jawo rediyonta kusa. "Kai ma rubuta rabi. Ba a aike ka da sauran ba."

"Ba za ta gane ba."

"Tana da baki."

Ya koma Titin Gidan Zoo ana kiran magariba. An ɗauke wuta, Auwalu ya tayar da janareto yana mita a kan kuɗin mai. Kabiru ya buɗe layi na 388. Ya bar kalmar Turancin nan mai kawo bakin teku, ya bar ta ƙamus, ya rubuta cewa Alhaji inuwar giginya ne, da sunan bishiyar yadda Hajiya ta faɗe shi, a karkace don a san ba Turanci ba ne, ya sa ɗigo uku a ƙarshe. Manhajar ba ta nuna ja ba, harafin bai kai 40 ba. Ya roƙi Auwalu ya jinkirta yanke hoton da rabin daƙiƙa, don a ga lokacin da dariyar ke sauka daga fuskarta.

"Rabin daƙiƙa zai ture mini sautin gaba," in ji Auwalu.

"Ture shi. Ni zan gyara lokutan sauran layukan."

Layi 224 ne a bayan wannan, ya matsar da su gaba ɗaya, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba kada wani ya haye kan canjin hoto. Sai ƙarfe goma ya tura.

Saƙon Safiya ya shigo da safe, yana tsaye a tsakar gida da kwalin maganin Ummi a hannu, yana karanta wa Binta cewa cokali ɗaya ne sau uku a rana, bayan an ci abinci. Ta yaba aikin sosai. Tambaya ɗaya gare ta: mece ce wannan kalmar a minti na 31, kuma me kakarta take nufi?

Ya rubuta mata cewa bishiya ce, kuma akwai ta a rufin ɗakin Hajiya. Ya ƙara da cewa Hajiya takan kashe rediyo bayan la'asar, lokacin ne ya fi kyau a kira ta, kuma in tana son tafinta zai je ya zauna a gefe.

"Kafin abinci ko bayan abinci ka ce?" in ji Binta.

"Bayan abinci."