Jagorar Hira da 'Yan Kasuwa kan Samun Bashi da Jari: Kantin Kwari, Dawanau da 'Yan Kaba

Zuwa ga masu hira, ku huɗu,

Ga jagorar da za mu fita da ita. Mutum 36 za mu zanta da su, 12 a kowace kasuwa, hira ɗaya kuma kada ta wuce minti 50. Na zaɓi kasuwannin nan uku na Kano ne saboda kuɗi ba ya juyawa iri ɗaya a cikinsu. Atamfa da shadda a Kwari ba sa ruɓewa, bashinsu na iya ɗaukar makonni. Mai sayen masara ko riɗi a Dawanau da kaka yake neman kuɗi mai kauri, ya ajiye kaya sai sun yi tsada. Mai tumatir da attarugu a 'Yan Kaba kuwa, in kwando ya kwana biyu ya fara asara, don haka bashinsa gajere ne.

Abin da nake so ku riƙe shi ne: kada wanda ya buɗe hira da "ka taɓa cin bashi?" Yawancin mutane za su ce Allah ya kiyaye, alhali rabin kayan da ke shagon ba a biya kuɗinsu ba tukuna. Ba ƙarya suka yi ba. A wurinsu wannan kaya ne da Alhaji ya ba su a sayar a kawo kuɗi, amana ce. Shi ya sa na gina hirar a kan sarin da mutum ya yi na ƙarshe, daga nan maganar bashi za ta fito da kanta. Tambayoyin da ke da lamba dole ne a yi su, amma ba lallai a jere ba. Waɗanda ke ƙarƙashinsu na bin diddigi ne, a yi su idan amsar ba ta taɓo su ba.

Mun riga mun gai da shugabannin kasuwa sun ba mu izini. Duk da haka kada ku tsaya ga waɗanda suka nuna muku kaɗai, domin manya za su nuna. A kowace kasuwa a samu 'yan sari, da 'yan kiri, da masu tebur ko kasa kaya a ƙasa, da mata aƙalla huɗu. Mace ce za ta yi hira da mace. Kada a je 'Yan Kaba da sassafe ana sauke kaya, a bari sai hantsi ya dubi ludayi. Ranar Juma'a babu hira. Mai saye ya zo, ka yi shiru har a gama ciniki.

NEMAN IZINI

Bayan sallama da gaisuwa, ka faɗi sunanka, ka nuna katin shaidarka, sannan ka ce:

"Alhaji, daga jami'a muke. Muna bincike ne kan yadda 'yan kasuwa ke samun kuɗi da kayan da suke juyawa. Ba gwamnati ce ta aiko mu ba, ba banki ba, ba kuma masu haraji ba. Ba ma raba tallafi, ba ma rubuta sunayen waɗanda za a ba rance, kada in sa maka ran abin da babu. Ba za mu sa sunanka ko lambar shagonka a rahoto ba. Duk tambayar da ba ka so, ka ce a wuce, in kuma ka ce a tsaya za mu tsaya. Ka yarda mu yi hirar? Ka yarda in naɗi muryarka, ko dai in rubuta da hannu?"

A kira kowa da abin da ya dace da shi: Alhaji, Malam, Baba, Hajiya, Mama. Idan yaron shago ko maƙwabci na zaune kusa, ka tambayi mai shagon ko yana so a matsa gefe. Ba wanda zai faɗi bashin da ke kansa a gaban yaransa.

MAFARIN SANA'A

1. Yaya aka yi ka shigo wannan sana'a?
   Gado ce, ko a hannun ubangida ka tashi? Da aka sallame ka, da me aka sallame ka: kuɗi, kaya, ko wurin zama?

2. Jarin da kake juyawa yanzu naka ne kai kaɗai, ko akwai na wani a ciki?
   In akwai, yaya kuke raba riba? In an yi asara fa, wa ke ɗauka?

SARIN ƘARSHE

Nan ne zuciyar hirar, a ba shi minti 15 ko fiye, kada a yi gaggawa.

3. Ba ni labarin kayan da ka saro na ƙarshe, tun daga lokacin da ka yanke shawarar saye har suka iso nan.
   A wurin wa ka saro? Tun yaushe kuke hulɗa? Wa ya haɗa ku?
   Ka biya duka nan take, ko ka ba da wani abu saura sai an sayar?
   In da saura, an sa rana? An rubuta a littafi, ko da baki aka yi? Akwai shaida?

4. Da a ce kuɗi hannu ka biya duka, nawa za a bar maka?

Wannan tambaya ta huɗu na fi damuwa da ita. Idan dila ko buhu yana da farashi biyu, na kuɗi hannu da na jinkiri, to bambancin shi ne tsadar bashin, ko da ba wanda ya kira shi da wani suna. Ka rubuta farashin biyu da yawan kwanakin, kada ka yi sharhi a gabansa. Kada kuma ka tambayi jimillar jarinsa. Ka tambayi dila nawa, buhu nawa, kwando nawa, mu za mu yi lissafi daga baya.

5. Me ya sa ya yarda ya ba ka kaya ba ka biya ba, alhali wani ba zai samu ba?
   Akwai wanda ya tsaya maka? Dillali yana da hannu? Nawa ne la'adarsa, wa ke biya?

6. Kai fa, su wa kake ba kaya bashi?
   Baƙi daga wasu garuruwa ko ƙasashe, kamar Nijar da Chadi da Kamaru, su ma kana ba su? Wa ke lamunce su?
   Wa ka taɓa hanawa, me ya sa?

A Dawanau a ƙara da wannan: kana ba manomi ko mai saye a ƙauye kuɗi tun kafin girbi don ya biya da hatsi? Yaya ake tsayar da farashi?

ADASHI DA 'YAN UWA

7. Kana zubin adashi?
   Na kullum ne, na mako ko na wata? Ku nawa ne? Wa ke riƙewa, me ake ba shi? Kwasar ƙarshe me ka yi da ita? An taɓa cinye muku?

8. Idan kaya masu sauƙi suka faɗo yau kuɗinka bai kai ba, wa za ka fara kira? In bai samu ba, sai wa?

Ka bar shi ya jero su da kansa. Tsarin jerin shi ne amsar. Ga mata a ƙara tambaya ko sun taɓa sayar da ɗan kunne, akuya ko kayan ɗaki don ƙara jari, da kuma ko sai da sanin maigida ake karɓar rance.

BANKI, WAYA DA GWAMNATI

9. Ka taɓa neman rance a banki, babba ko ƙarami?
   In ka nema: me aka ce ka kawo? Takardar fili ko gida, mai tsaya maka, bayanin shige da ficen asusu? Kwana nawa aka ɗauka? An ba ka abin da ka nema? Kowane mako ake biya ko kowane wata?
   In ba ka nema ba: me ya hana?

Kada ka ba shi zaɓin amsa. Wanda aka hana daban, wanda bai nema ba don ya san za a hana shi daban, wanda ba ya so sam shi ma daban. Binciken nan bai yi amfani ba idan muka cuɗa su wuri ɗaya.

10. Kana da asusu, da BVN da NIN? Cinikinka ta asusun yake bi, ko ta na'urar POS ta wani? An taɓa yi maka tayin rance ta waya? Ka karɓa?

11. Wani shirin gwamnati ya taɓa iso ka?
   In bai tuna ba, ka ambaci TraderMoni na 2018, wanda a lokacin ake farawa da naira 10,000. Ka tambaye shi ko a matsayin bashi ya ɗauke shi ko kyauta, da kuma ko ya san wanda ya samu.

KUƊIN RUWA

A yi wannan da ladabi. Kai mai hira ne, ba ka zo wa'azi ko ba da fatawa ba, kuma kada fuskarka ta nuna ka ji daɗin amsa ko ba ka ji ba. Ka ce "kuɗin ruwa", kada ka ce "riba", don kada ya ɗauka ribar ciniki kake nufi.

12. Maganar kuɗin ruwa ta taɓa sa ka fasa karɓar rance? Ba ni labarin yadda aka yi.
   Ka tambayi wani malami? Ka san wani ɗan kasuwa da ya karɓa duk da haka? Me mutane ke cewa a kansa?

13. Ka san bankunan da ba sa harka da kuɗin ruwa? Ka taɓa shiga?

Don saninku: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019. Abin da ɗan kasuwa zai fi cin karo da shi a irinsu shi ne murabaha, wato banki ya sayi kayan ya sayar masa da ƙarin da aka amince a kai, ya biya a hankali. Kada ku ambaci sunan banki kafin shi. In ya ce duk ɗaya ne da sauran, ka ce "ta yaya?" ka saurara.

RANAR DA ABU YA ƁACI

14. Akwai lokacin da ranar biya ta zo babu kuɗin? Yaya aka ƙare?
   An ɗaga maka ƙafa? An kai ƙara wurin shugabannin kasuwa, Hisba, 'yan sanda ko kotu? Hulɗar ta ci gaba?

15. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da bayan cire tallafin fetur a watan Mayun shekarar, masu ba ka kaya sun canza sharaɗi? Sun rage kwanaki, ko sun daina bayarwa? Gobara ko ambaliya ta taɓa cin kayan da ba ka gama biya ba?

Wasu za su yi shiru a nan, wani ma idonsa ya kawo ruwa. Ka yi masa jaje, ka ce Allah ya mayar da alheri, ka tambaye shi ko a wuce. Kada ka matsa.

RUFEWA

16. Da za a tsara rance daidai da sana'arka, yaya kake so ya kasance: a wane lokaci na shekara, na tsawon yaushe, a biya ta yaya?

17. Akwai abin da ya kamata in tambaya ban tambaya ba?

Ka yi godiya, ka yi masa fatan Allah ya ba da kasuwa. Kada ka yi alkawarin komai. In ya roƙe ka ka haɗa shi da banki, ka maimaita masa gaskiyar da ka faɗa da farko.

Kafin ka shiga wata hirar, ka nemi wuri ka rubuta shafi ɗaya: irin shagon, wa ke kusa, inda ya yi jinkirin amsa, da abin da ya faɗa bayan ka kashe na'ura. Wannan na ƙarshe ba ya shiga rahoto sai ka koma ka nemi izininsa. Lamba za a sa wa kowace hira maimakon suna, KW don Kwari, DW don Dawanau, YK don 'Yan Kaba. A miƙo mini muryoyin a ranar, a goge su daga wayoyinku. Bayan hira shida na farko za mu zauna ranar Asabar mu ga tambayar da ba ta ci ba, mu gyara ta kafin a ci gaba.