Wasiƙa zuwa ga Alhaji mai gida kan gyaran banɗaki

Hotoro, Kano
14 ga Mayu

Assalamu alaikum Alhaji, barka da warhaka, ya gida ya iyali, ya kasuwa? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ni ne Musa ɗan hayarka na falat ɗin baya. Alhaji maganar banɗakin nan ce dai da na faɗa wa yaronka Sabi'u ranar da ya zo karɓar kuɗin wuta, ya ce zai sanar da kai to har yanzu shiru shi ya sa na ce bari in rubuto maka da kaina.

Tankin masai ɗin ya tsage daga ƙasa, wajen da aka ɗaure shi da noti, ruwa ba ya zama a ciki ko kaɗan, ga kuma ƙwallon nan da ke tsayar da ruwa in ya cika shi ma ya daina aiki, in aka buɗe famfo haka ruwan zai ta zuba har tankin sama ya ƙare. Mun kulle shi mun koma bokiti. Wannan da sauƙi, za mu iya lallaɓawa.

Abin da ya fi damuna wallahi fayif ɗin da ya sauko daga tankin sama ne ya shiga cikin bango, yoyo yake ta ciki. Bangon da ke tsakanin banɗaki da ɗakin yara kullum a jiƙe, fenti ya kumbura yana ɓarewa, filasta ta fara zubowa in ka taɓa, kuma danshin ya kusa kai wa soket ɗin wuta, har sai da maman yara ta kwashe su suka dawo falo da kwana. Gidanka ne Alhaji, bulo in ya daɗe yana shan ruwa ruɓewa yake, ga damina ta ƙarato bangon ba zai samu ya bushe ba. Mu kuma ruwan da ya kamata ya kai mu kwanaki yana tafiya a banza, kullum sai mun kira 'yan garuwa.

Na kawo mai gyaran famfo ya duba, ya ce tankin ba ya gyaruwa, ko an liƙe da gam sake buɗewa zai yi, sai dai a sa sabo. Fayif ɗin kuma a gwiwa ya fashe, dole a fasa bango kaɗan a canza a mayar da siminti. Kaya da kuɗin aiki ya yi lissafin naira 58,000, takardar na wajena. Ban bari ya taɓa komai ba tunda ba a fasa bangon mutum ba da izininsa ba.

Dan Allah Alhaji ko dai ka turo mai gyaranka cikin satin nan, ko ka ba ni izini in sa a yi da kuɗina in kawo maka rasit a cire cikin kuɗin hayan da zan biya a watan Agusta, duk wanda ya fi maka daidai ne. Ina gida kullum bayan la'asar, Asabar kuma wuni nake, in za ka leƙo ka gani da idonka ma ya fi.

Na gode, Allah ya saka da alheri. A gaida Hajiya.

Naka,
Musa