Taƙaitaccen Jagora ga Sababbin Ma'aikata: Hutu, Zuwa Aiki da Ladabtarwa

Wannan takarda an tsamo ta ne daga kundin ƙa'idojin ma'aikata na kamfaninmu na sarrafa shinkafa da ke Gombe, kuma duk inda aka ga saɓani, abin da ke cikin kundin shi ne hukunci.

Ana fara aiki da ƙarfe 8:00 na safe, a tashi ƙarfe 4:00 na yamma, sai ranar Juma'a da ake tashi ƙarfe 1:00 saboda masallaci. Kowane ma'aikaci zai sa hannu da kansa a rajistar bakin ƙofa. Sa wa wani hannu babban laifi ne, ko da ɗan'uwanka ne ya roƙe ka.

Wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun shekara na kwana 21 tare da cikakken albashi, amma sai ya cike fom ya miƙa wa shugaban sashensa mako biyu kafin ranar, kuma ba kasafai ake amincewa da hutu a lokacin kaka ba, domin a lokacin ne shanshera ta fi shigowa. Rashin lafiyar da ta wuce kwana biyu tana buƙatar takardar likita. Hutun haihuwa mako 12 ne, kuma mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana.

Ladabtarwa tana bin mataki: gargaɗin baki, takardar tuhuma da za a amsa cikin awa 48, dakatarwa, sannan sallama. Sata, faɗa ko algus a wajen awo suna iya kai mutum ga sallama kai tsaye, bayan kwamiti ya saurari bahasinsa.