Bayanin Aiki ga Masu Tace Bidiyon Bikin Asabar: Mayar da Log zuwa Launi na Yau da Kullum

Hotunan ɗaurin aure da na walimar da muka ɗauko ranar Asabar a nan Jos, da kamarar Sony aka ɗauke su a tsarin S-Log3 da S-Gamut3.Cine, shi ya sa za ku gan su fari-fat kamar an ɗauka cikin hazon hunturu. Wannan ba matsala ba ce. Tsarin log yana matse haske da duhu ne zuwa tsakiya domin kamara ta adana bayanan da za su ɓace da an ɗauka a launi na yau da kullum, aikinku kuwa shi ne ku mayar da su tsarin Rec.709, wanda talabijin da yawancin allunan kallo suke aiki da shi.

Ku buɗe aikin a DaVinci Resolve, ku shiga shafin Color, sannan ku danna Alt+S sau biyu domin nod ɗinku su zama uku a jere. A kan na tsakiya za ku ɗora LUT, ta hanyar danna maɓallin dama na linzami, ku shiga LUT, ku shiga Sony, ku zaɓi wannan:

```
SLog3SGamut3.CineToLC-709
```

LUT jadawali ne kawai da yake musanya kowace lambar launi da wata lambar, bai san da wace kamara aka yi aiki ba, saboda haka idan kuka ɗora na V-Log ɗin Panasonic a kan hoton Sony, launi zai fito, amma fuskar amarya ba za ta zama tata ba.

Nod na farko, wanda yake zuwa kafin LUT, a nan ake gyaran haske, kuma a nan ne na fi so ku natsu. Dalili kuwa shi ne duk abin da LUT ya ƙone ko ya nutsar cikin baƙi, da wuya nod ɗin da yake bayansa ya dawo da shi, alhali yana nan cikin ainihin fayil ɗin. Idan kun ɗora LUT kuka ga babbar rigar ango ta zama farin fili babu aikin zare a wuyanta, ku koma nod na farko ku sassauta Offset a hankali har aikin ya bayyana.

Kada ku dogara da ido a wannan mataki, domin allunan kwamfutocinmu ba a daidaita su ba, ga kuma tagar ofis da take sauya abin da kuke gani tsakanin safe da la'asar. Ku buɗe Scopes ku zaɓi Waveform, wanda ma'auninsa yake tashi daga 0 a ƙasa, wato baƙi ƙirin, zuwa 1023 a sama. Mun nuna wa kamara katin toka na kashi 18 a farkon kowane wuri. Idan kuka kashe nod ɗin LUT da Ctrl+D, katin da ya sami haske daidai zai zauna kusa da 420, farar takarda kuma kusa da 598. Hotunan zauren walima sun ɗara haka, domin da gangan muka ƙara haske saboda gudun tsakin da log yake fitarwa a wurare masu duhu, don haka ku sauko da su. Bayan kun mayar da LUT, ku lura da saman ma'aunin: idan zanen ya miƙe ya zama layi ɗaya shimfiɗe, wurin ya ƙone. Fitilun zaure da ƙyallin shadda za su iya taɓa sama ba laifi, amma rawanin liman da rigar ango ba a yarda su kai can ba.

Game da fata, akwai lambobin da ake yawan ambatawa waɗanda aka gina kan farar fata, kada ku ja fuskokin mutanenmu sama da ƙarfi domin ku cim musu, sai fata ta yi toka-toka. Abin da za ku duba shi ne Vectorscope bayan kun kunna Show Skin Tone Indicator, saboda fata, baƙa ce ko mai haske, kusa da wannan layin take kwantawa. Ku zagaye goshi ko kunci kaɗai da Window, ku kunna Highlight da Shift+H domin ma'aunin ya nuna wurin kaɗai, kafin ku karanta, ban da fuskar da ta sha kwalliya, domin hoda tana karkatar da ma'auni.

Daga nan sai Parade, inda ja da kore da shuɗi suke tsaye gefe da gefe. A kan farar riga ya kamata kawunansu su daidaita. A zauren walima za ku tarar ja ya yi sama saboda fitilu masu ruwan ɗorawa, sai ku gyara da Temp da Tint a nod na farko.

Nod na uku ku bar shi babu komai tukuna. Ku daidaita hotunan masallaci da na zaure su zama kamar rana ɗaya aka yi su, ku ajiye aikin, zan duba ranar Laraba da safe kafin mu taɓa salon launi.